Harafin ƙarshe da littafin bashi

Bayan sallar isha'i wani yaro daga cikin 'ya'yanmu ya same mu a zauren Maigida a Treichville, muna tattara takardun ranar. Ya durƙusa ya gaida dattijo, sannan ya juyo gare mu ya ce, "Kawu, na yi waƙa a kan rusau, ina so a ba ni izini in rera ta a taron jama'a ranar Lahadi." A al'adar zauren nan, duk abin da za a faɗa a bainar jama'a da sunan Hausawa sai ya bi ta hannun magatakarda, domin in magana ta ɓaci, Maigida za a kira, mu kuma mu ɗauki jaka mu bi shi.

Abin da ya tunzura shi sananne ne. A farkon shekarar 2024 katafila ta shiga Gesco a Yopougon da Boribana a Attécoubé, hukuma tana cewa wurare ne masu haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa. A watan Yuli na shekarar aka rushe wani sashe na Adjamé-Village saboda aikin hanya. Tsakanin waɗannan kuma an kwashe rumfuna da teburan 'yan tireda a bakin tituna da dama. Cikin waɗanda abin ya shafa har da ƙanen mahaifin yaron, wani tsoho mai sayar da garba a wani layi na Adjamé, wanda ya shekara da shekaru yana soya kifi yana auna aceke a wuri guda.

Waƙar baiti talatin ce, 'yar ƙwar biyu, kuma ga yadda ta buɗe bayan yabon Ubangiji:

Ku tashi mu yaƙi masu zalunci,
Mu ƙwato haƙƙinmu da 'yanci.

Muka karanta har ƙarshe. Muryarta da ƙarfi, karinta bai karye ba, amma tsohon da aka yi ta dominsa bai bayyana ko sau ɗaya ba. Babu kasko, babu kifi, babu layin da abin ya faru. Muka ce masa, "Ɗana, cire sunan Abidjan daga baiti na huɗu ka sa Kano." Ya sa, waƙa ta zauna daram. Muka ce ya sa Yamai, ta zauna. Muka ce to, ya ɗauka gobe mulki ya juya, waɗanda yake zagi su ne a ƙasa: za su iya rera ta a kan abokan hamayyarsu ba tare da sun canja kalma ba? Ya yi shiru, sannan ya ce za su iya. Wannan shi ne gwajin da muke yi wa irin waɗannan waƙoƙi. Baitin da kowa zai iya ara ya jefi kowa da shi ya zama take, irin na jam'iyya, ko da kuwa mai shi da hawaye ya rubuta.

Laifin ba na zuciyarsa ba ne, kuma a nan ne muke so masu rubutu a cikinmu su dakata. Laifin ya faro tun daga harafin da ya zaɓa ya zama amsa-amonsa. Wanda ya ɗaure waƙarsa da "ci" ya ɗaure kansa, domin a Hausa wannan gaɓa ita ce wutsiyar sunayen da ba a gani da ido: zalunci, adalci, talauci, mutunci, butulci, ha'inci, 'yanci, shugabanci. Kowane baiti dole ya sauka a kan ɗaya daga cikinsu, kuma da yake ƙarshen baiti shi ne inda murya take tsayawa, kunne yake riƙewa, sai waƙar duka ta koma jerin manyan kalmomi. Mawaƙi yana tsammanin shi yake tuƙa waƙa, alhali harafi ne yake jan sa. Mun ƙirga a gabansa: cikin baiti talatin, zalunci ya zo sau bakwai, 'yanci sau biyar. Da kalmomin suka ƙare masa, har abinci ya jawo ya cike gurbi, kuma abin dariya, wannan baitin ne kaɗai ya kusanci tsohon.

Sai muka ba shi aiki iri biyu. Na farko, ya sauya harafi zuwa "ya", inda tukunya take, da tsintsiya, da igiya, da hanya, da rijiya. Muka gargaɗe shi cewa a wannan gida ma akwai baƙi biyu masu son shiga ko'ina, wato gaskiya da duniya, kada ya ba kowace fiye da baiti ɗaya. Na biyu, ya je ya zauna da baffansa ya tambaye shi abin da ya faru daga fari zuwa ƙarshe, kada ya rubuta komai sai abin da tsohon ya gani ko shi ya gani. Wannan ba sabon sharaɗi ba ne ga wanda ya zauna gaban malami. A babin shaida an koya mana cewa mutum yana shaida ne a kan abin da ya sani tabbas, kuma malamai da suka jera wuraren da aka halatta ambaton aibin wani sun sa kukan wanda aka zalunta a ciki, amma gwargwadon abin da aka yi masa. Waƙar fushi shaida ce da aka ɗora a kan kari, kuma ƙari a cikin shaida yana rushe ta.

Akwai baiti ɗaya da muka ce lalle a cire, kuma a kansa muka fi daɗewa muna ja-in-ja. A ciki ya ce an rushe mu ne don mu baƙi ne, 'yan ƙasa kuwa suna dariya. Muka tambaye shi su wane ne mutanen Adjamé-Village. Ya san amsa: Ebrié ne, waɗanda birnin nan ya zo ya tarar a kan ƙasarsu. Katafilar da ta bi ta kan rumfar Bahaushe ta bi ta kan gidajensu. Ba mu ce wariya ba ta taɓa cin mu ba. Mu da muka ga shekarun "ivoirité" tun daga 1994, muka ɗanɗana tsayuwa a shingen hanya ana juya katin zama, kafin a soke shi ga 'yan Afirka ta Yamma a 2007, ba za a koya mana wannan ba. Amma a wannan karo baitin ya faɗi abin da bai faru ba, ya kuma mai da maƙwabcin da aka cuta tare da mu abokin gaba.

Yaron bai kai shekara goma ba a lokacin rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, don haka muka gaya masa abin da gajeriyar magana take iya yi. A watannin nan an yi wani take a shingayen matasa, musamman a Yopougon, wai shi doka ta 125: fetur na dala ashirin, ashana ta dala biyar. Da wannan lissafi aka ƙone mutane da ransu, da yawansu don sunansu ko kamanninsu sun nuna 'yan arewa ne ko baƙi. Abin da ya sa take irin wannan yake aiki shi ne ba ya barin fuskar kowa a cikinsa. Mu da aka taɓa shafe fuskokinmu da magana guda, bai kamace mu mu shafe ta wasu ba, ko da a waƙa.

Bayan kwana tara ya dawo. Ga wani sashe na abin da ya kawo, tun kafin ya gama daidaita karin da rerawa:

Tun da asuba ya hura gawayi,
Ya share gabansa da tsintsiya.
Mai bai yi zafi a kasko ba,
Katafila ta shigo hanya.
Littafin bashi ya faɗa kwata,
Ya tsamo shi ya shanya a igiya.

Littafin nan ba mu san da shi ba sai a waƙar. Ashe tsohon yana ba 'yan koyon kanikanci da masu turin baro garba bashi, yana rubutawa da ajami a wani ɗan littafin makaranta, su biya ranar Asabar. Ruwan kwata ya wanke tawadar. Duk wanda ya taɓa kasa kaya a bakin titi ya san ma'anar wannan ba sai an ce masa zalunci ba: jari ya tafi, shaidar bashi ma ta tafi. Da Maigida ya ji baitin igiya sai ya ajiye carbinsa, ya ce a maimaita.

Irin wannan hanya tana da tsohon tushe a zango. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar mana waƙarsa ta talauci da wadata, kuma abin da ya raya ta shi ne yadda ya bi matalauci cikin mutane yana nuna yadda ake karɓarsa da yadda ake karɓar mai dukiya. Waƙoƙin jam'iyya na zamanin NEPU da NPC kuwa sun yi aikinsu a dandali, sun tara jama'a, ba mu raina su ba, sai dai mafi yawansu sun kwanta tare da zaɓen da aka yi su dominsa.

Yaron bai sallama mana duka ba, kuma ya kyauta. Ya ce, "Kawu, kun cire wa waƙata haƙora don kada a kira Baba ofis." Ba za mu yi musu ba, akwai wannan a ciki. Magatakardan marasa rinjaye yana auna kowace kalma da tunanin wanda zai fassara ta da Faransanci ya tura a waya, kuma tsoro yana iya sa rigar hikima ya zauna a zaure ba a gane shi ba. Waƙar da ta tsaya a kan kasko da tsintsiya kawai tana iya zama ta ban tausayi, a yi kuka a watse, kamar ruwan sama ne ya yi ɓarnar. Rusau kuwa mutum ne ya yanke shi. Saboda haka muka yarda cewa dole a tuhumi wani, da sharaɗin a tuhume shi a kan aikin da ya yi, da tambayar da yake iya amsawa. Ya rubuta:

Kai mai sa hannu a takardar rusau,
Ina ka ce a kai tukunya?

Wannan baiti ya fi "ku tashi mu yaƙi" zafi, domin ba a kore shi da cewa siyasa ce. Ko dai an tanadi wurin da za a koma, a nuna shi, ko ba a tanada ba. Maigida ya ce a bar shi yadda yake, in an kira shi a kansa zai je, kuma zai maimaita tambayar da bakinsa.

Baitin rufewa ma daga bakin tsohon ya fito. Da yammacin ranar rusau, wani yaro Baule mai koyon kanikanci, wanda tsohon yake bi dala ɗari, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan da yake haya, ya kawo kuɗin, alhali ya san rubutun ya wanke. Mawaƙinmu ya so ya bar wannan a waje, wai zai rage fushi. Ya kwana biyu yana juya shi, sannan ya sa:

Da yamma wanda yake bi dala ɗari
Ya nemo shi har gida ya biya.

An rera waƙar a taron wata Lahadi a Adjamé, baiti goma sha takwas. Tsohon yana zaune a sahu na biyu. Da aka tashi ya kira yaron ya ce masa akwai gyara: ranar ba gawayi ya hura ba, itace ne, gawayi ya yi tsada a makon.