Saƙon da muka tura wa mai kujerun ƙungiya

Da yawanku kun tambaye ni inda aka kwana kan kujerun roba 100 da ƙungiya ta yi oda, waɗanda za mu riƙa bayarwa haya a bikin aure da suna. Mun biya rabin kuɗi, mai kaya ya yi alkawarin sati biyu, sai ga shi an shiga na biyar.

Wani ɗan kwamiti ya rubuta imel ya ce in tura. Ya kira mutumin macuci, ya ce ya cinye kuɗin talakawa, ya rufe da cewa mu maƙwabtan barikin Shadawanka ne, za mu turo masa sojoji. Fushinsa na da dalili, amma ban tura ba.

Abin da aka rubuta ba ya gogewa. Gobe in magana ta kai gaban shugabannin kasuwa ko kotu, wannan saƙon za a karanta, kuma kalmar macuci kaɗai ta isa ya bar zancen kujeru ya koma kukan ɓata suna. Batun sojoji kuwa, shi ma ya san ba aikinsu ba ne karɓo bashi. Barazanar da ba za ka iya cikawa ba rage maka ƙarfi take yi. Sannan duk tsawon saƙon babu inda aka faɗa masa abin da muke so ya yi, ko yaushe.

Ga abin da na tura a madadinsa:

"Alhaji, barka da aiki. Mun yi odar kujerun roba 100, mun biya rabin kuɗi ta banki, ga hoton rasit nan haɗe. Kun ce za a kawo cikin sati biyu, yau sati biyar ba mu gansu ba, har mun mayar da masu neman haya biyu. Muna buƙatar a kawo su ofishinmu da ke Shadawanka kafin azahar ɗin Alhamis mai zuwa. Idan ba zai yiwu ba, a dawo mana da kuɗinmu a ranar, mu saya a wani wuri. Muna jiran amsarku a rubuce zuwa gobe."

Ku lura na bar gaisuwa da "ku" na girmamawa, amma ban sa "don Allah a taimaka" ba, tunda haƙƙinmu ne. Na kuma ce Alhamis da azahar, domin "da gaggawa" kowa da yadda yake fassara ta.

Washegari ya amsa cewa 60 na hannu, sauran suna hanya daga Kano. Mun karɓi 60 ɗin, mun riƙe cikon kuɗi sai 40 sun iso.