Tambayar da malami zai rubuta a allo

Darasin haƙuri da juna yakan lalace ne tun a littafin tsara darasi, kafin malami ya taka ƙofar aji. Idan tambayar da ya shirya ita ce wane addini ya fi koyar da zaman lafiya, to ya riga ya kafa gasa, kowane yaro kuma zai tashi kare gidansu. Ina ganin rashin ɗaukar ɓangare yana cikin irin tambayar da aka ɗora darasin a kanta. Tambayar da za ta iya riƙe aji ita ce: me wannan mutumin ya yi wa wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma me ya sa shi yin hakan? Amsarta tana cikin labarin da ke gaban kowa, don haka yaro zai iya ba da ita ba tare da ya taɓa aƙidar na kusa da shi ba.

A ɗauki darasi na minti 40 a babbar sakandare. Minti 5 na farko a rubuta ƙa'idoji a allo tare da ɗalibai: ba a katse mai magana, ba a kiran mutane da sunan da ba su yarda da shi ba, irin su arne, kuma ba a mayar da wani yaro kakakin addininsa. Minti 15 na gaba a kawo labari biyu masu nauyi ɗaya. Na farko hijirar Musulmi zuwa Habasha wajen shekarar 615, inda Najjashi, sarki Kirista, ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya ƙi miƙa baƙinsa ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da suka kawo. Na biyu Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, jihar Filato, wanda a watan Yunin 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyen, ya ɓoye fiye da mutum 200, galibinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya ƙi fito da su. Sai minti 15 na tattaunawa a rukuni-rukuni kan abin da kowannensu zai iya rasawa, a rufe da minti 5 na rubutu.

Inda aikin yake shi ne lokacin da wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai Najjashi ya musulunta daga baya." Idan malami ya ce haka ne ya wuce, yaro Kirista zai ji an ƙwace masa rabonsa na darasin. Idan ya basar, yaro Musulmi zai ji an ɓoye abin da ya karanta a Islamiyya. Mafita ita ce jingina magana ga masu ita: littattafan Sira na Musulmi sun ruwaito haka, har da sallar da Annabi (SAW) ya yi masa bayan rasuwarsa, amma waɗannan littattafan ne kuma suka nuna shi Kirista ne ranar da ya ba da mafakar, ranar kuma ita muke dubawa. Haka nan idan aka tambayi su wa suka kai harin Nghar, sai ya ce masu ɗauke da makamai ne, ya hana a jingina laifin ga ƙabila ko addini, ya maido da aji kan limamin.

Wasu iyaye za su ce wannan hanya ce ta koya wa yara cewa duk addinai ɗaya ne. Damuwar tana da tushe, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba. Sai dai labaran biyu ba su nemi kowa ya sassauta imaninsa ba. Liman bai bar limanci ba kafin ya buɗe ƙofa, kuma ba a maganar haƙuri sai inda saɓani yake. Wasu kuma za su ce malamin da ya ƙi ɗaukar ɓangare matsoraci ne. Ai ya ɗauka: yana tare da wanda ya kare rai, yana gaba da kisa da zagi, kuma ya faɗa a fili. Abin da ya bar wa gida da masallaci da coci shi ne hukunci tsakanin aƙidu.

A makarantunmu da yawa ana raba aji lokacin darasin addini, Musulmi nan, Kiristoci can, don haka waɗanda ake magana a kansu ba sa ɗakin, baki kuma yakan saki. Alamar darasi ya kauce ita ce "mu" da "su" sun yawaita, ko 'yan tsirarun da ke ajin sun yi shiru sun sunkuyar da kai. Kafin malami ya rufe littafinsa, ya karanta tsarin da ya rubuta kamar uban wani yaro daga ɗaya addinin yana tsaye bakin taga yana saurare. Duk jimlar da zai ji nauyin faɗa a gabansa, ya sake ta tun a gida.