Baƙar fata ba sakamakon awon jini ba ce

A cikin rahotannin gwajin magunguna da ake yi a Turai da Amurka, akwai gurbi guda da ake rubuta “baƙar fata”. Duk lokacin da na gan shi, ƴan ajina nake tunawa. Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, aji ɗaya yakan haɗa Ba'are, Bafillace, Bazabarme da Buzu. A waccan takarda, dukansu mutum ɗaya ne.

Gurbin ya taɓa yin amfani. A shekarun 1950, likitocin Amurka sun lura cewa firimakin, wani maganin masassarar cizon sauro, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kusan ɗaya cikin goma na maza baƙar fata. Wannan lura ce ta kai su ga gano dalilin a 1956: ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ke kare ƙwayoyin jini. Gadonsa ake yi, kuma ɗa namiji daga wajen uwa yake ɗaukarsa.

Amma a dubi lissafin. In aka hana maganin saboda launi, an hana mutum tara da ba abin da zai same su. In kuma aka ba farar fata ido rufe, an cuci mutanen Sardiniya da ƙasashen Larabawa, waɗanda irin nasu ƙarancin ya ma fi namu tsanani. Ko a tsakaninmu ba ɗaya muke ba: binciken da aka yi a ƙauyukan Burkina Faso ya nuna wannan ƙaranci bai yawaita ga Fulani ba kamar yadda ya yawaita ga maƙwabtansu Mosawa.

Labarin Lapdap ya fi kusa da mu. Maganin masassara ne mai araha da aka yi musamman don Afirka, an kuma gwada shi a kan yaran Afirka kafin a amince da shi a 2003. Duk da haka a 2008 aka janye shi, domin yana jawo mummunan ƙarancin jini ga yara masu ƙarancin G6PD. Launin yaran duk ɗaya ne. Jininsu ne ya bambanta.

Don haka nake ganin abin da ya kamata masu bincike su rubuta shi ne sakamakon awon jini, tarihin dangi, da inda mutum yake zaune. Ɗigon jinin yatsa ya isa a auna G6PD.

Mu iyaye da malamai ma da namu aikin. In yaro ya sha magani, bayan kwana biyu ko uku fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, idonsa ya yi ɗorawa, tafin hannunsa ya yi fari, a kai shi likita nan take tare da kwalin maganin. A kuma faɗa wa likitan ko hakan ya taɓa samun kawunsa na wajen uwa. Wannan amsar ta fi launin fatarsa amfani.