Inci Goma Sha Huɗu Tsakanin Kunkumi da Ƙugu

Shekaru da dama na yi ina ɗora wa jikina laifin da ba nasa ba. Allah Ya yi ni mai ƙananan kafaɗu da siririn kunkumi, sannan Ya ba ni faɗin ƙugu irin na matan gidanmu. Awona a tef ɗin tela shi ne ƙirji inci 36, kunkumi 30, ƙugu 44. Wannan tazara ta inci 14 ita ce ta riƙa cinye mini atamfa.

Abin ya kai maƙura a bikin ƙanwata da aka kai Zurmi. An fitar da anko, na kai turmina wurin wani tela a Ƙaura Namoda, ya auna inda ya fi faɗi a jikina ya yanka rigar a kansa, wai don kada ta matse ni. Ta sauko har tsakiyar ƙugu, ta tsaya kamar buhu. Da hotuna suka fito, ni da nake babbar yayar amarya sai na ga kaina tun daga hammata har gwiwa faɗi ɗaya. Ga kuɗin atamfa sun tafi, ga biki ba ya maimaituwa.

Gwaggona ta Shinkafi, wadda ta tsufa a kan keken ɗinki, ita ta warware mini. Ta sa na ɗaura zanin a gabanta, ta kama dunƙulen da ya taru a cikina ta ce, "Ke ɗiyata, wanga tulin tufa ina za ki da shi?"

Lissafinta mai sauƙi ne. Zani yadi biyu ne, wato inci 72. A ƙuguna yana zagayawa sau ɗaya da rabi da 'yan kai, ya zauna daidai. Amma a kunkumi mai inci 30 ya haura zagaye biyu, kuma duk rarar nan ni nake murɗewa in soke a gaba, a daidai wurin da ya kamata ya fi ko'ina sirantaka. Wato da hannuna nake cike ramin. Sai ta tsinke bakin zanin na sama a wuri huɗu, biyu a baya, ɗaya a kowane gefe, kowace tsinka ta ci inci ɗaya da rabi a sama ta tafi tana sirancewa har ta ɓace kafin ƙugu. Ta ɗinka masa igiya siririya maimakon soke. Ta kuma ce in daina ɗaura shi a kan ƙashin ƙugu, in hau da shi sama da cibiya kaɗan, inda jiki yake lanƙwasawa idan mutum ya karkata gefe. Fatarin da ke ciki ma ta sauya shi da marar tattara, domin tattararsa wani tulin ne a ɓoye.

Riga kuwa a kan ƙirji da kunkumi ake yanka ta, ba a kan ƙugu ba. Tawa ta tsaya inci huɗu ƙasa da kunkumi, bakinta ya ɗan buɗe, bai kai inda ƙugu ya fi faɗi ba, saboda duk inda bakin riga ya tsaya nan ido yake sauka. A sama ta faɗaɗa wuyan zuwa kafaɗu ba tare da ta zurfafa shi ba, ta yi wa hannu tattara a kai don ya ɗan tashi. Kafaɗa ta ƙaru, ƙugu yana nan yadda yake, sai tsakiya ta fito da kanta ba tare da an matse komai ba. Wannan ya kwanta mini, domin mu nan kwalliya ta cikin gida ce da taron mata, a waje hijabi ne ke bisa, kuma ban taɓa sha'awar rigar da za ta hana ni cin tuwon biki ba.

Akwai iyaka. Idan aka gajarta rigar fiye da haka, da an sunkuya baya zai fito. Shi ya sa ba na karɓar ɗinki sai na gwada: in ɗaga hannu, in yi kamar ruku'u, in zauna a tabarma. Idan baya ya yi ninki a kwance sama da ƙugu, rigar ta yi tsawo ko bakinta ya yi ƙunci, tana hawa. Idan maɓalli ko zif yana ja, an rage kunkumin fiye da kima; yatsu biyu ya kamata su shiga. Leshi mai tauri da shadda mai sitati ba sa bin wannan dabara da sauƙi, don ba sa kwanciya, gara a bar wa atamfar da aka wanke ta yi laushi.

Rigar Zurmi ma ba ta tafi a banza ba. Gwaggo ta farke gefunanta, ta rage inci biyar a tsawo, ta yi mini ɗan ƙaramin kallabi da abin da ta yanke. Da ita na je sunan ɗan fari na amaryar.