Ɗango ashirin

A Bogo, lokacin da muke firamare a zamanin Ahidjo, ana shirin bikin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu cikin ƙurar hunturu. Wata shekara aka sa gasar waƙa a kan tsabtar muhalli. Da Faransanci muke karatu, amma malaminmu ya yarda kowa ya yi da harshen gidansu, Fulatanci ko Hausa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta wuce layi ashirin.

Mu kuwa waƙar da muka sani ita ce wadda tsofaffi ke rerawa a zaure bayan isha'i. Takan buɗe da sunan Allah da salati, ta rufe da tammat da addu'a. In aka bi wannan tsari, ashirin ta ƙare ba a ambaci tsintsiya ba.

Kawuna, mai makarantar allo, na kai wa kuka. Na same shi yana dama tawada, zauren yana ƙamshin ƙaro da hayaƙin kara. Ya yi lissafi da yatsu. "Ɗana, ƙwar biyar za ka yi, baiti huɗu. Ɗango huɗu na kowane baiti su yi amonsu, na biyar ya riƙe babban amsa-amo. Nemo ƙarshen baitocin tukuna, sannan ka gina sauran." Muka samo shara, tara, yara, gyara.

Bisimilla da salati ya ba su ɗango biyu. Ya ce Ubangiji ba ya bukatar a tsawaita masa, alƙalan gasa ne ke ƙirge. Baiti na biyu ya tafi ga kasuwar shanu washegarin Alhamis, kashin dabbobi da tsinken tsire da ƙudaje. Na uku ya sauka cikin yashin Mayo Tsanaga, inda mata ke tona rami su ɗebi ruwa, ga juji kusa da su. Na huɗu na 'yan mata ne masu sharar ƙofar gida da asuba a gindin darbejiya.

Duk ɗangon da ya ce tsabta tana da kyau kawai, Kawu sai ya soke shi. Abin da ido ya gani yake so. Ma'auninsa kuma rerawa ce: inda harshe ya yi tuntuɓe, gaɓa ta yi yawa, inda murya ta ja wasali don cike gurbi, ta kasa.

Babu leda a waƙar nan ko sau ɗaya, domin a takarda ake naɗe ƙosai, nono kuma a ƙwarya yake zuwa. Gwamnatin Kamaru ta hana siririyar leda tun 2014, amma har yanzu iska na rataya ta a ƙayar aduwa. Jikata tana shirin irin wannan gasa bana, kuma leda ta cinye mata baiti biyu cikin huɗun.