Hoton Ma'aji ya ɓace daga wayar Hajiya

Wani abu ya faru tsakaninmu a kwanakin baya wanda ya kusa ɓata zumuncin shekaru, kuma da izinin waɗanda abin ya shafa muke kawo shi nan, ba tare da kama suna ba.

Wata safiyar Asabar, ɗaya daga cikin iyayenmu mata da ke zaune a Kubwa ta kira mu ranta a ɓace. "Malam Sakatare, Ma'aji ya yi bulokin ɗina," in ji ta. Ta ce ranar Talata ta tura naira 50,000, kuɗin gudunmawar marasa lafiya, ta kuma aika masa da shaidar biya ta WhatsApp a ranar Laraba. Bai amsa ba. Da ta duba sai ta ga babu hotonsa, sai wannan farar surar mutum da ba ta da fuska, ɗan rubutun da ke ƙarƙashin sunansa ma babu. Kafin ta kira mu har ta gaya wa mutum biyu, maganar kuma ta fara canza kama: an karɓi kuɗi, an rufe ƙofa.

Muka ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Kada a ƙara gaya wa kowa, mu duba tukuna."

Abin da muka fara yi shi ne buɗe tamu wayar. Hoton Ma'aji yana nan, ga hularsa, ga rubutunsa. Wannan ya nuna bai cire hoton ba, bai kuma ɓoye shi ga kowa da kowa ba. Amma bai isa a ce ya yi mata bulokin ba, domin WhatsApp ya ba kowa zaɓi huɗu game da wanda zai ga hotonsa, haka ma rubutun `About`. Ana samunsu a `Settings`, sannan `Privacy`. Akwai `Everyone`, wato kowa. Akwai `My contacts`, wato waɗanda ya ajiye lambarsu. Akwai `My contacts except...`, wanda ya iso ga kowa a shekarar 2022, inda mutum zai ware wasu daga cikin waɗanda ya ajiye. Sai `Nobody`, wato babu mai gani.

A zaɓi na biyu ne mafi yawan rikicin yake. Idan mutum ya zaɓi `My contacts`, jerin lambobin da ke cikin wayarsa ake dubawa, ba na cikin taka ba. Ko ka ajiye lambarsa shekara goma, ko kullum kuna gaisawa a zauren ƙungiya, in dai taka lambar ba ta cikin wayarsa, ba za ka ga hotonsa ba. Shi kuma ba zai san ba ka gani ba, don babu wani saƙo da zai zo masa.

Sai muka tambayi Hajiya abu guda: saƙon nan na ranar Laraba, alamar maki nawa ce a gefensa? Ta sa jikarta ta duba, ta ce guda biyu ne, amma ba su zama shuɗi ba. Muka sake tambaya ko hoton ya riga ya ɓace kafin ta aika. Ta ce tun ranar ba ta gan shi ba, ta ɗauka matsalar sabis ce.

A nan maganar bulokin ta faɗi. Alama ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarka, biyu na nufin ya shiga wayar mai shi. Wanda ya yi maka bulokin, saƙon da ka aika masa kai tsaye ba ya isa gare shi, don haka a kan alama ɗaya zai tsaya har abada. Tunda nata ya samu biyu bayan ɓacewar hoton, ƙofa a buɗe take. Rashin shuɗi kuwa na iya zama bai buɗe saƙon ba, ko ya kashe `Read receipts`, kamar yadda mutane da yawa ke yi.

Muka kira Ma'aji ta layin waya. Ashe makonni biyu da suka wuce aka zare masa waya a cunkoson shiga mota a Nyanya. Ya dawo da layinsa, ya sayi wata wayar, ya sake buɗe WhatsApp da lambarsa. Amma lambobin mutane a cikin tsohuwar wayar suke, ba a asusun Google ba, don haka suka tafi da ita. Shugabannin ƙungiya da danginsa kawai ya samu ya sake ajiyewa, mu ma shi ya sa muke ganin hotonsa. Saƙon Hajiya yana can ƙasa cikin tarin lambobin da bai gane ba. Kuɗin kuwa sun shiga asusun ƙungiya tun ranar Talata. Ya ajiye lambarta, ba a jima ba hotonsa ya dawo a wayarta, da yamma kuma ya kira ta ya ba ta haƙuri.

To, da a ce alama ɗaya muka tarar fa? Ko a nan ba za mu yanke hukunci ba. Wayar da ke kashe saboda babu wuta, ko wadda datarta ta ƙare, ko mai ita ya tafi gida inda sabis ba shi da ƙarfi, duk alama ɗaya za su nuna. Idan wannan ya haɗu da rashin ajiye lambarka, abin zai yi kama da bulokin sak, alhali ba shi ba ne. Haka nan rashin ganin `last seen` ba hujja ba ne, domin idan kai ka ɓoye naka, ba za ka ga na kowa ba. Kamfanin da kansa ya ce da gangan ya bar alamun bulokin ba a fayyace ba, don kare wanda ya yi. Zato yana ƙarfi ne kawai idan abubuwa suka taru kuma suka daɗe: babu hoto, saƙonninka na kwanaki sun tsaya a kan alama ɗaya, kiran WhatsApp ba ya shiga, ga shi kuma kana ganinsa yana rubutu a zauren ƙungiya. Ganin rubutunsa a zaure bai kore bulokin ba, don bulokin ba ya hana mutum biyu ganin saƙonnin juna a zauren da suke ciki tare.

Akwai kuma waɗanda suka ɓoye hoto da gangan, kuma hakkinsu ne. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mata ba sa son duk wanda ya tsinci lambarsu a zaure ya ga fuskarsu. Wasu 'yan kasuwarmu kuma suna gudun 'yan damfara su ɗauki hoton su buɗe wata lamba da shi, su riƙa roƙon kuɗi da sunansu. Wannan ma abin lura ne ta ɗaya ɓangaren: yadda rashin hoto bai nuna gaba ba, haka ganin hoton Ma'aji a kan baƙuwar lamba bai tabbatar da cewa shi ne ba.

Saboda haka a taronmu na ƙarshe muka tsayar da abu biyu. Duk mai riƙe da muƙami da ya canza waya zai sanar a zaure, sakatariya kuma za ta ba shi jerin lambobin mambobi ya sake ajiyewa. Sannan duk maganar da ta shafi kuɗi, idan an yi kwana ɗaya ba amsa, a kira ta layin waya, ko a kira Sakatare, kafin a kai maganar wani wuri.

Hajiya ta zo taron. Da aka tashi ta ce wa Ma'aji, "Ɗana, ka yafe mini, na yi maka mummunan zato." Ya ce shi ne da laifi da bai sanar ba. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya kiyaye mu daga zargin juna, amin.

Sakataren ƙungiya