Yara Arba'in da Takwas, Kwamfuta Huɗu

A hutun da ya wuce na koma garinmu a ƙasar Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, ba fegin da ba mai shi. Yayana malamin zanen injiniya ne a wata makarantar sakandare da ke kusa da mu, sai ya ce tun da Hausa nake karantawa, in zo in taimaka masa wajen mayar da bayanin wani darasi cikin harshen da yara za su ji. Darasin kuwa shi ne CAD, watau zayyana zanen gini ko na inji da kwamfuta bisa ainihin awo. Yara arba'in da takwas ne a ajin, kwamfuta huɗu ke aiki, kuma sai an tayar da janareto. Shugaban makarantar ya riga ya ce idan zango ya ƙare ba a ga amfanin man da ake ƙonawa ba, za a kulle ɗakin.

Ran farko mun sha kashi. Muka raba su sha biyu-biyu a kan kowace kwamfuta, masu ƙarfin hali biyu ko uku suka kankane, sauran suna leƙe ta kan kafaɗa har aka kaɗa ƙararrawa. Da muka ƙirga, yara tara kaɗai suka taɓa maɓalli. Da daddare muna zaune a zaure yayana ya ce, "Kai dai, kuskurenmu shi ne mun bar yaro yana tunani a gaban kwamfuta. Ya kamata ya gama tunaninsa a takarda, ya zo nan ya buga kawai." A kan wannan magana muka sake tsara darasin.

Manhajar da muke amfani da ita ita ce LibreCAD. Kyauta ce, ba ta bukatar intanet, kuma tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarta. Abin da ya fi mana amfani shi ne tana karɓar umarni a rubuce. Ke nan zane gaba ɗayansa yana iya zama 'yan layuka a littafin yaro tun kafin a kunna janareto.

Saboda haka darasi na farko ba mu shiga ɗakin kwamfuta ba sam. Muka ɗauki ɗaki mai tsawon milimita 4000 da faɗin 3000, da ƙofa mai faɗin 800 a bangon kudu. Kowane yaro ya zana shi a littafin lissafi mai gida-gida, gida ɗaya a matsayin milimita 200, watau gida 20 a tsawo, 15 a faɗi, ƙofa gida 4. Daga nan sai a mayar da zanen zuwa lambobi, kuma a nan ne aikina ya shigo. Kowane ɗigo lamba biyu ke nuna shi. Na ce musu ta farko tafiya ce gabas, ta biyu tafiya ce arewa, idan kuwa aka sa alamar ɗebewa an juya yamma ko kudu ke nan. Abin da ya fi ba su wuya shi ne bambancin lambar da ke da alamar `@` da wadda ba ta da ita. Na gwada fassarori iri-iri ba su zauna ba, sai na tuna yadda ake yi wa baƙo kwatancen gona. Wani zai ce maka, "Daga masallacin Juma'a ka yi taku kaza gabas." Wani kuma zai ce, "Daga nan inda kake tsaye ka yi taku kaza." Lamba marar alama daga masallaci take ƙirgawa, watau daga `0,0`, mai alama kuwa daga inda alƙalami ya tsaya. Nan take suka raɗa wa alamar suna "daga-nan", kuma har yanzu ban sami kalmar da ta fi wannan ba, duk da darussan fassara da na zauna.

Ga abin da ya kamata kowa ya rubuta:

```
line
1400,0
@2600,0
@0,3000
@-4000,0
@0,-3000
@600,0
```

An fara daga gefen ƙofa na gabas, aka kewaye ɗakin, aka tsaya a gefenta na yamma. Yaro na iya gwada aikinsa ba tare da kwamfuta ba: ya tara tafiyar arewa da kudu, dole ta ba da sifiri, ya tara ta gabas da yamma, dole ta ba da 800 da alamar ɗebewa, faɗin ƙofar ke nan. Wanda lissafinsa bai fito haka ba, bai isa layi ba tukuna.

Darasi na biyu minti tamanin ne. Muka raba ajin ƙungiya goma sha shida, yara uku-uku. Minti goma na farko a allo, sannan zagaye huɗu na minti goma sha biyar-biyar, ƙungiya huɗu a kowane zagaye, minti goma na ƙarshe a duba kurakurai tare. A gaban kwamfuta ɗaya na karantawa, ɗaya na bugawa, ɗaya na kwatanta abin da ya fito da zanen littafi, sannan su yi musanya bayan minti biyar. Sauran yara talatin da shida ba zaman jira suke ba. Wasu suna auna ajinsu da tef, wasu kuma suna wasan da muka kira "zama kwamfuta": ƙungiya ta miƙa wa wata lambobinta ba tare da zanen ba, waccan ta zana abin da aka rubuta daidai, ko da ta san kuskure ne. Gardamar da wannan wasa ya haddasa ta koyar da abin da bakinmu bai koyar ba.

Kurakuran kuwa kowanne da kamanninsa, har na iya gane su daga bakin ƙofa. Idan yaro ya mance "daga-nan" ya buga `0,3000`, maimakon bangon gabas ya miƙe arewa sai layi ya ratsa ɗakin a karkace zuwa ɗaya kusurwar. Yayana ya tsayar da aji a kan wannan, ya sa aka auna layin, ya fito 5000 cif, ya ce wannan shi ne uku-huɗu-biyar da magina ke daidaita kusurwar gini da shi. Idan bango ya fi sauran gajarta ƙwarai, sifiri ɗaya ya faɗi. Idan kuwa yaro ya rantse ya buga komai amma bai ga zanen ba, ɗakin ne ya fi fuskar kwamfutar girma, sai ya buga `za` ya bayyana. Akwai kuma wanda ya cinye mana kusan zagaye guda: a uku daga kwamfutocin alamar `@` tana kan maɓallin 2, a ta huɗu tana can kusa da maɓallin `Enter`. Sai muka manna takarda a jikin kowace.

Dole in faɗi inda tsarin ya gaza. Takarda ba ta koyar da riƙon linzami, ba ta koyar da kama ƙarshen layi daidai, ba ta koyar da adana aiki. Waɗannan sai hannu ya saba, minti biyar a mako kuwa ba ya sabar da hannu. A zagaye na uku janareto ya mutu, zanen ƙungiya uku ya tafi, ta huɗu ce kawai ta tsira domin tasu kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai batir. Daɗin abin, lambobin suna littafi, aka sake bugawa.

A ƙarshen darasin muka sake ƙirgawa. Yara arba'in da huɗu sun buga ɗakin da hannunsu, huɗu lokaci ya ƙure musu, aka rubuta sunayensu a kan gaba a mako mai zuwa. Ɗaya daga cikin huɗun ya biyo ni bakin hanya da littafinsa. Ya auna gonar babansa da igiya, amma gefenta na arewa a karkace yake, yana tambaya yadda ake rubuta tafiyar da ba gabas ba ce, ba kuma arewa ba. Na rubuta masa `@50<30`, na ce tsawo ne da kusurwa, sauran bayanin ya tambayi malaminsa ranar Talata.